Esin Baba da Audugar Maƙwabci

Shekarar da zuciyar Baba ta fara ba shi wahala, likita ya ja kunnenmu a kan abu biyu: a rage masa gishiri, kuma kada a bar shi cikin zafi. Na farkon bai ba mu wuya ba, don Gwaggo, ƙanwarsa da ke zaune da shi tun rasuwar Innarmu, ita ke riƙe da tukunya, kuma ba ta da wasa. Na biyun ne jidali. Ɗakin Baba a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi yana kallon yamma, rufin kwano ne da silin, idan rana ta take a watan bazara fanka ba ta yin komai sai juya maka zafin. Sai in shigo in tarar da shi zaune bakin gado yana haki, rigar ta manne masa a baya, amma in na tambaya sai ya ce lafiya lau.

Yayana, wanda shi ne babba a gidanmu, ma'aikacin gwamnati ne, yana da gida mai kyau a Tarauni. Tun ranar da aka sallamo Baba daga asibiti yake cewa a mayar da shi can, ga ɗaki an gyara, ga sanyi, ga inji in an ɗauke wuta. Baba bai taɓa ce masa a'a ba. Sai dai ya ce Allah ya yi albarka, ya kawo wata maganar. Ni kuwa ma'aikaciyar jinya ce a asibitin koyarwa, gidan aurena lungu biyu ne tsakaninsa da na Baba, kuma na ga tsofaffi da yawa da aka ɗauke daga ɗakunansu don a kyautata musu, suka yi shiru, suka daina cin abinci. Na san Baba. A ɗakin nan ya yi zaman aurensa, daga ƙofarsa zuwa masallaci kafin sandarsa ta gama ɗumi a hannu ya isa. Na ƙudura a raina ba inda za shi.

Sai muka yi sulhu da Yaya. Ya sayo iyakwandishan irin mai shiga taga, wanda kowa ke ce wa esi, aka cire ɓangare ɗaya na tagar, mai walda ya yi masa kejin ƙarfe ta waje saboda ɓarayi, mai gyaran firji da esi na bakin titi ya zo ya ɗora. Yaya ya ƙara da ƙaramin inji. Ranar da aka kunna, Baba ya zauna yana kallon abin kamar baƙon da bai gama yarda da shi ba, can ya ce, “Uwata, wannan iskar kamar ta bayan ruwan farko.” Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na yi murna ranar har na kusa yin kuka, numfashinsa ya daidaita, ya yi barcin rana irin wanda ya daɗe bai yi ba.

Tagar nan a lungu take, kuma daidai ƙarƙashinta akwai rumfar maƙwabcinmu, dattijo mai ɗinka katifa da matashin kai na auduga. Malam muke ce masa. Tun ina yarinya yake wurin, yana baza auduga a kan tabarma, yana dukanta da siririyar sanda har ta tashi ta yi laushi, kansa da gemunsa fari fat da ita tun kafin furfura ta zo. Shi da Baba tare suke tafiya masallaci. Da aka ɗora esin, bayansa sai ya leƙo ta gefen rumfar Malam. Ba wanda ya yi tunanin wani abu, har da ni.

Makonnin farko lafiya. Sai da hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, iska ta yi nauyi da danshi, sannan abin ya fara nuna hali. Da farko ƙara ce. Kar-kar-kar, kamar an sa tsakuwa a gwangwani, har gilashin da ya rage a tagar yana amsawa. Bayan haka sai ruwa. Wata rana na dawo daga aikin safe na tarar da layin ruwa ya biyo bango daga ƙasan esin, fenti ya kumbura, gefen darduma ya jiƙe. Gwaggo ta ajiye tsohon kwanon sha tana tara. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: sanyin ma ya ragu. Esin zai yi ta gurnani, can ka ji ƙat, sai iska mara sanyi ta ci gaba da fitowa, a daɗe kafin ya sake kamawa.

Raina ya ɓaci da mai gyara, na zage shi a zuciyata tas. Na ce ga shi nan, aikin a karɓi kuɗi a gudu. Na kira shi ya ce ya yi tafiya ƙauye, sai ya dawo. Baba kuwa duk lokacin da na fara faɗa sai ya ce, “Ki bar bawan Allah, Uwata. Ruwa ne, ai ba wuta ba.” Na ɗauka haƙurinsa ne na kullum.

Sai ranar da ya tashi zai yi alwalar azahar ya taka inda ruwan ya malalo a kan tayil. Santsi ya kwashe shi. Allah ya taƙaita, gefen gado ya kama, gwiwa ce kawai ta bugu da gwiwar hannu. Na duba shi sosai, babu karaya. Amma Gwaggo ta riga ta kira Yaya, kafin la'asar motarsa na ƙofar gida.

Yaya ba mai hayaniya ba ne, shi ya sa maganarsa ke da nauyi. Ya shafa bangon, ya dubi tafin hannunsa, ya dube ni. A tsakar gida ya ce mini, “Na bi ra'ayinki, kin ga inda ya kai mu. Yau gwiwa ce. Gobe in ƙugu ne fa? Ke ce ma'aikaciyar asibiti, kin fi ni sanin abin da karayar ƙugu ke yi wa tsoho.”

“Esin za a gyara, Yaya, ba Baba za a ɗauke ba.”

“Ranar Asabar zan zo da mota. Ki haɗa masa kayansa.”

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ya faɗa, kuma tsoro ne ya sa shi faɗa, irin tsoron da ke cina ni ma. Da na koma ɗaki Baba na zaune da carbi a hannu, ya ji komai. Ya bi ɗakin da kallo, daga kan shantar littattafansa zuwa ƙofa. Kallon nan ya tsaya mini a rai.

Washegari tun da hantsi na tafi shagon mai gyara da kaina, na tarar ya dawo. Ban ko gaishe shi da kyau ba na fara sauke masa. Mutumin ya bar ni na gama, ya ɗauki jakar kayan aikinsa, muka hau adaidaita. Da muka iso ya saurari ƙarar daga cikin ɗaki, ya kashe esin ya zare fulogi, sannan ya zaga lungu, ni ina biye da shi ina ci gaba da mita. Malam bai fito rumfa ba tukuna. Mai gyara ya taka benci ya leƙa cikin kejin, sai na ji ya yi salati.

“Hajiya, zo ki gani. Wa ya sa wannan?”

Na hau na leƙa. Guntun katako ne mai kauri, an cusa shi ƙarƙashin bayan esin ta gefe ɗaya, ya ɗaga gindin sama.

“Ni ba haka na bar shi ba,” in ji shi. “Esin taga bayansa ake ɗan sunkuyarwa waje. Kin ga yadda ledar ruwan sanyi ke yin gumi in kin fito da ita daga firji? Haka bututun gaba ke yi, danshin ɗaki na taruwa a jikinsa ya ɗiga cikin faranti a ƙasa. In bayan ya fi ƙasa, ruwan ya gangara waje. To an ɗaga bayan, ina za shi? Ɗaki zai dawo. Kuma katakon gefe ɗaya ya tokare, abin ya zauna a karkace yana dukan ƙarfen keji. Ƙarar ke nan.”

Ruwa ba ya tsami banza. Na tsaya a kan bencin ina duban ƙasa, daidai inda bayan esin ya leƙo, sai na ga tabarmar da Malam ke baza audugarsa a naɗe a wurin. Ban ƙara tambayar kowa ba, na sauko na shiga ɗaki.

“Baba, wa ya sa katako a bayan esin nan?”

Ya dube ni kamar yaron da aka kama da hannu a kwanon miya. “Ni na sa kafinta ya saka.”

“Haba Baba! Don Allah saboda me?”

“Na fito zan tafi masallaci na ga yana ɗiga a kan audugar Malam. Ya janye tabarma gefe, ya rakuɓe a ɗan wuri yana aiki, bai ce mini komai ba. Kin san auduga in ta jiƙe ta lalace, wari za ta yi a cikin katifar mutane. Ni ina ciki ina shan sanyi, ruwana na zuba a kan abincinsa? Me zan ce ranar da za a tambaye ni haƙƙin maƙwabci?”

“Shi ne ka gwammace ya zubo maka ka faɗi?”

“Na ɗauka in an ɗaga shi ruwan zai tsaya a ciki ya bushe. Da na ga ya juyo ɗaki, na ce to, ɗakina ne.”

Na rasa abin yi, dariya ko kuka. Haushi nake ji kamar in fashe, kuma a lokaci guda ban taɓa jin son tsohon nan kamar ranar ba. Na ce masa saura kaɗan ya sayar da ɗakinsa a kan guntun katako. Ya ce Allah ya kyauta, yana murmushi ƙasa-ƙasa.

Ina fitowa mai gyara ya ce tsugune ba ta ƙare ba, katakon bai bayyana ɗaukewar sanyi ba. Shi da maigidana, da na kira ya zo ya kama, suka zaro esin daga taga suka ajiye shi a tsakar gida, ba tare da sun kwantar da shi a gefe ba. Da aka cire murfin sai ga bayan. Wurin da ya kamata a ga siraran ƙarafa jere kamar haƙoran mataji, wanda mai gyara ya kira kwandansa, babu abin da ake gani sai wani bargo toka-toka. Auduga ce da ƙura suka haɗu suka dunƙule. Fankar ciki tana zuƙo iska ta ramukan gefe ta hura ta cikin kwandansan zuwa waje, duk ɓurɓushin da ya tashi daga sandar Malam nan yake ƙarewa. Mai gyara ya ce ta nan esi ke fitar da zafin da ya kwaso daga ɗaki, in wurin ya toshe kwamfuresa, wato na'urar da ke haɗa sanyin, ta yi zafi ta kashe kanta, sai ta huce ta sake tashi. Ya ce da an ƙara jimawa ƙonewa za ta yi.

Ana cikin haka Malam ya yi sallama. Ya zo rumfa ya ga taga a buɗe babu esi, ya ɗauka jikin Baba ne ya tashi. Ya tsaya a kan abin, ya sunkuya, ya ciro ɗan bargon da yatsu biyu ya murza. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin auduga ba sai an gaya masa ba.

“Innalillahi. Wannan ai tawa ce.” Ya juya wajen Baba, da aka fito masa da kujera inuwa. “Alhaji, ashe ni ke shaƙe maka numfashi ban sani ba?”

“Ni ma ai na jiƙa maka kaya, Malam.”

“Ɗan ruwan nan? Da na janye tabarma ai shi ke nan. Da na ga ya daina ɗiga na ce Allah ya yi wa mai gyara albarka.”

Gwaggo, da ba ta iya riƙe magana, ta fesa masa labarin katako da faɗuwar da batun Tarauni gaba ɗaya. Sai na ga idon Malam ya kawo ruwa, ya sa hannun riga ya share, ya ce, “Alhaji, ba ka kyauta mini ba. Da an ɗauke ka saboda audugata, da wane ido zan dubi ƙofar nan?” Baba ya ce ai shi ma Malam bai faɗa masa zafin da esin ke huro masa a rumfa ba. Malam ya ce wannan kuma ba a maganarsa. Na tsaya ina kallon tsofaffin nan biyu, kowa ya cutu don kada ya ɓata wa ɗan'uwansa, kuma kunya ta hana su buɗe baki. Na ce musu wallahi da 'ya'yana ne da na haɗa su na zane. Suka yi dariya har Baba ya yi tari.

Na zauna na kalli wankin da kyau, don na yi niyyar ba zan sake jiran kowa a kansa ba. Mai gyara ya naɗe wurin wayoyi da injin fanka da leda. Ya ɗauki buroshi mai laushi yana share ƙarafan daga sama zuwa ƙasa, yadda suka jeru, ya ce in aka goga a kwance lanƙwashewa suke yi su toshe hanyar iska. Malam ya karɓi aikin tsince audugar da hannunsa, ya ƙi bari kowa ya taya shi. Bayan nan aka riƙa zuba ruwa da buta a hankali, baƙin ruwa na fita har ya koma fari, aka ɗaga abin wajen rana sai ga haske na ratsawa. Aka zura waya a ramin da ruwa ke fita a ƙasan faranti, laka ta fito. Ni na wanke ragar gaba mai tace ƙura da sabulu. Muka bar shi ya bushe sarai, muka ci abinci.

Wajen mayarwa mai gyara ya yanka tsohon silifas ya shimfiɗa a inda esin ke zama a kan ƙarfe, ya ɗaure kusoshin da suka saki, ya cusa soso a gefe-gefen taga. Ya saita bayan ya fi gaban yin ƙasa da kamar kaurin yatsa, ba fiye ba. Don in gani da idona, ya tsiyaya ruwa kaɗan a farantin ta gaba, muka leƙa, ya gangara baya salin-alin. Ya ce in na ji fatsal-fatsal a ciki kada in tsorata, fankar baya ce ke ɗiban ruwan tana watsa wa kwandansa don ya huce, haka aka yi shi. Rarar ruwan kuwa ya sa mata siririn tiyo a bakin ramin, ya bi da shi jikin bango har kwata. Abin da ya sa Baba ya kusa karya ƙugu ke nan, rashin tiyon da bai fi tsawon igiyar shanya ba.

Malam bai jira an roƙe shi ba. Kafin magariba ya mayar da wurin dukan audugarsa can ɗaya ƙarshen rumfar, ya rataya buhu tsakani, ya bar ɗinki kawai a kusa da taga. Ya so ya lulluɓe kejin da gidan sauro don kada ko ɗigon auduga ya shiga, mai gyara ya hana, ya ce abin na son iska ta ko'ina, a dai riƙa dubawa ana sharewa. Da aka kunna, ƙarar ta tafi, sai wani gunji mai laushi. Na ba mai gyara haƙurin faɗan safe, ya ce ya saba da masu jinya.

Ban haɗa kayan ba. Na goge tayil, na shimfiɗa darduma mai kauri daga gado har ƙofa, na shanya wadda ta jiƙe. Amma hankalina bai kwanta ba har Asabar, don Yaya in ya yanke magana da wuya ya janye.

Ranar Asabar ya zo bayan azahar, lokacin da zafi ya fi tsanani. Ya shiga ɗakin da maƙullin mota a hannu, ya gaishe da Baba, ya tsaya. Ya shafa bangon, busasshe. Ya fita lungu, na ji muryarsa da ta Malam sun daɗe suna magana, ban san me aka ce ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Da ya dawo sai ya durƙusa gaban gadon, abin da na daɗe ban ga ya yi ba.

“Baba, ban taɓa tambayarka ba, kullum ni ke faɗa. Kana son ka koma wajena, ko kana son nan?”

Baba ya dafa kan Yaya. “Gidanka gidana ne, kuma na san don ni kake yi. Amma a can, in ban fito sallar asuba ba, sai kun tashi za ku sani. A nan kafin a tayar da iƙama wani ya buga mini ƙofa. Ka bar ni cikin mutanen da suka san tarina.”

Yaya ya miƙe, ya jefa maƙullin a aljihu, ya dube ni ya ce duk wata shi zai riƙa zuwa da kansa a share bayan esin, in nuna masa yadda ake yi. Na ce to. Ya leƙa tsakar gida ya tambayi Gwaggo ko akwai sauran abinci, ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da labule yana jiran amsa.

“Kai,” in ji Baba, yana gyara kwanciya, “ka shigo ko ka fita, ka rufe mini ƙofa. Sanyina kake zubarwa.”